Jadawalin saƙar gizo

Jadawalin saƙar gizo (suna, namiji, jam'i: jadawalan saƙar gizo). Zanen alƙaluma ne da ma'aunansa ke fitowa daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, a haɗa makin kowanne da layi. Wasu na kiransa jadawalin rada.

Yana yaudarar ido, domin girman filin da ya kewaye ake gani maimakon tsawon layukan. Ɗalibin da ya ci 80 a duk darussa, filinsa ya ninka na mai 40 sau huɗu, alhali makinsa ninki biyu ne kawai. Ko jerin darussan aka sauya, siffar na iya canzawa. Jadawalin sanduna ko na ɗigo ya fi shi, tunda duk ma'aunan daga layi ɗaya suke tashi.