Yadda Masana Tarihi Ke Auna Labarin Annabi Isa (AS)

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da dukan Annabawa, ba ma rarrabewa tsakaninsu.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, mu nan Jijole da sauran zangunan Lome katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta Kiristoci. Kasuwarmu ɗaya, 'ya'yanmu aji ɗaya suke zama. Don haka maganar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba ta rabuwa da bakin matasanmu. Wani ya ce tarihi ya tabbatar da kaza, wani ya ce tarihi ya ƙaryata, alhali ba wanda ya san yadda masu tarihin ke aiki. Wanda ya shiga muhawara da hujjar da bai auna ba, kansa zai kunyata, ya kuma ja wa addininsa raini. To, bari mu duba ma'aunin nasu.

Mai tarihi, Kirista ne ko Bayahude ko marar addini, idan ya zauna kan aikinsa tambaya uku yake yi wa kowane rubutu: wa ya rubuta, yaushe ya rubuta, daga wa ya ji. Ɗalibin da ya karanta Musɗalahul Hadisi ba zai ji wannan baƙo ba. Bambancin shi ne mu muna da isnadi, wato jerin sunayen maruwaita, su kuwa ba su da shi, sai su nemo amsar daga cikin matanin.

Abin da suke fara ɗauka shi ne Linjilu huɗu da ke hannun Kiristoci: ta Matiyu, ta Markus, ta Luka da ta Yohanna. Annabi Isa (AS) da Aramiyanci yake magana, su kuwa littattafan da Girkanci aka rubuta su. Mafi yawan masana suna ganin ta Markus ce ta fari, wajen shekara ta 70 Miladiyya, kusan shekara 40 ke nan bayan zamaninsa. Ta Matiyu da ta Luka suka biyo tsakanin 80 da 90, ta Yohanna kuma wajen 90 zuwa 100. Marubutan ba su ambaci sunayensu a ciki ba, a ƙarni na biyu ne muka ga ana jingina musu sunayen nan.

Da aka jera ukun farko gefe da gefe, sai aka tarar kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikin Markus yana cikin Matiyu, sau da yawa da kalmomi iri ɗaya da jeri iri ɗaya, Luka ma ya ɗauki fiye da rabi. Kun ga ke nan, idan labari ya zo a cikin ukun, ba lallai shaidu uku ba ne, yana iya zama shaida ɗaya da aka kwafa sau biyu. Haka malaman hadisi ke cewa hanyoyi sun yi yawa amma duk a kan mutum ɗaya suke kewayawa. Shi ya sa mai tarihi ke neman labarin da ya zo ta hanyoyin da ba su dogara da juna ba, kamar a same shi a Markus, a kuma same shi a wasiƙun Bulus, waɗanda aka rubuta tun shekarun 50.

Akwai ma'auni na biyu. Suna cewa mutum ba ya ƙirƙiro abin da zai ba shi wahala. Markus ya kawo cewa Annabi Yahaya (AS) ya yi wa Annabi Isa wankan tuba a kogin Urdun. Wannan yana da nauyi ga masu ɗaukaka shi sama da kowa, domin a zahiri mai yin wankan ya fi wanda aka yi wa. Matiyu ya kawo labarin, amma ya ƙara da cewa Yahaya ya so ya ƙi. Sai masu tarihi suka ce labarin da marubuci ke fama da shi bai iya yar da shi ba, alama ce ya riga ya shahara kafin shi.

Sai kuma rubutun waɗanda ba Kiristoci ba. Baromen nan Tasitus, wajen shekara ta 116, yana ba da labarin gobarar birnin Rum ta shekara ta 64, ya ambaci cewa sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin, kuma sunansu ya samo asali ne daga wani da gwamna Bilatus ya yanke wa hukuncin kisa a zamanin sarki Tibariyus. Tasitus ya tsani Kiristoci, don haka ba wanda ke zargin yana yi musu kwalliya. Amma bai faɗi inda ya ji ba, yana yiwuwa abin da ake faɗa a gari ne ya rubuta.

Misalin da ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne na Yusufus, Bayahude, haifaffen Urushalima a shekara ta 37. Wajen shekara ta 93 ya kammala babban tarihin Yahudawa mai juzu'i 20. A juzu'i na 18 akwai ɗan sakin layi a kan Annabi Isa. Ma'anarsa ita ce mutum ne mai hikima, malami, mai abubuwan ban mamaki, jama'a sun bi shi, Bilatus ya yanke masa hukunci bisa ƙarar manyan gari, kuma mabiyansa ba su watse ba. Amma a tsakiyar wannan akwai jumloli uku da suka fita daban. Ɗaya tana shakkar ko ya dace a kira shi mutum, ɗaya tana yanke cewa shi ne Almasihu, ɗaya kuma tana tabbatar da ya bayyana da rai a rana ta uku kamar yadda Annabawa suka yi bushara.

Ta yaya suka gane akwai hannun wani? Da fari, Yusufus Bayahude ya rayu, ba inda ya nuna ya shiga Kiristanci, kuma waɗannan jumloli furucin mai imani ne. Na biyu, malamin Kiristan nan Orijin, a ƙarni na uku, ya karanta Yusufus kuma ya faɗa sau biyu cewa bai yarda Isa ne Almasihu ba. Da jumlar tana cikin kwafinsa, ai ba zai faɗi haka ba. Na uku, wanda ya fara kawo sakin layin yadda yake a yau shi ne Yusabiyus, a farkon ƙarni na huɗu, kuma mafi tsufan kwafin Girkanci da ya rage na wannan juzu'i na ƙarni na 11 ne, duk ta hannun magatakardan Kirista ya biyo. Wannan shi muke kira mudraji: maganar wani ta kutsa cikin matani. Kun san misalin hadisin Abu Huraira a kan alwala, inda umurnin cika alwala maganarsa ce, gargaɗin dugadugai kuma na Annabi (SAW) ne, ba a rarrabe su ba sai da aka gwada ruwayoyi.

To, me ya hana a jefar da sakin layin gaba ɗaya? Wasu 'yan kaɗan sun yi haka. Mafi yawa sun ƙi, saboda idan aka cire jumlolin uku, abin da ya rage yana tafiya sumul kuma ya yi kama da salon Yusufus. Sannan a juzu'i na 20, yana ba da labarin kashe wani Yakubu a shekara ta 62, ya gabatar da shi a matsayin ɗan'uwan Isa wanda ake ce wa Almasihu, a taƙaice, kamar mai nuni ga wanda ya riga ya ambata.

A nan Larabci ya shigo. A ƙarni na 10 wani bishop na garin Manbij a Sham, Mahbubu ɗan Kusɗanɗin, wanda Turawa ke kira Agabiyus, ya rubuta tarihi mai suna Kitabul Unwan, ya kawo maganar Yusufus a ciki. A 1971 masanin nan Shlomo Pines ya ja hankalin duniya gare ta. A wannan ruwaya ba shakkar mutuntaka, maganar Almasihu da "wataƙila" ta zo, bayyana bayan kwana uku kuma an jingina ta ga almajirai cewa su suka ba da labari. Kun ga bambancin "abu ya faru" da "sun ce ya faru". Sai dai ba a tsaya nan ba. A 2008 wata masaniya, Alice Whealey, ta kawo hujjar cewa Agabiyus daga Suryaniyanci ya ɗauko kuma taƙaitawa ya yi, asalinsa yana komawa ga Yusabiyus ɗin nan. Idan haka ne, ba shaida ce mai zaman kanta ba. Duk da haka ruwayar Suryaniyancin, da ta Latin da Jerom ya kawo a ƙarshen ƙarni na huɗu, sun haɗu a kan cewa zaton Almasihu aka yi masa, ba yankewa ba, abin da ke ƙarfafa cewa haka tsohon lafazin yake.

Yanzu ga wurin da ya shafe mu kai tsaye. Da wannan ma'auni, kusan dukan masana sun yarda Annabi Isa ya rayu, ya yi wa'azi a Galili, kuma suna ƙirga gicciyewa cikin abin da suka fi amincewa da shi. Kada mu ɓoye wa ɗalibanmu wannan, domin za su ji shi a waje. Imaninmu shi ne abin da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta karantar, cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kamanta musu aka yi. Ayar da kanta ta nuna mutane sun yi iƙirarin kisan. Abin da mai tarihi ke iya riska shi ne abin da mutane suka gani suka ruwaito. Kamantawa daga Allah ba ta cikin abin da ma'auninsa ke ɗauka, kamar yadda tashi daga matattu da Kirista ya yi imani da shi ba ya ciki. Saboda haka hujjarmu a nan wahayi ce, mu faɗe ta da sunanta, kada mu ce masu tarihi ne suka ba mu.

Kuma ma'aunin da muka yarda a ɗora wa Yusufus, a ɗora shi kan abin da ke yi mana daɗi. Linjilar Barnaba da matasa ke yawo da ita, tsofaffin kwafinta biyu ne, na Italiyanci da na Sifaniyanci, ba wanda aka rubuta kafin ƙarshen ƙarni na 16. Tana sa a isa Nazarat da jirgin ruwa, alhali garin kan tudu yake. Ta kuma ce Isa ba shi ne Almasihu ba, Alƙur'ani kuwa da wannan laƙabi yake kiransa. Wanda ya kafa hujja da ita ya jingina da ruɓaɓɓen bango.

Saboda haka, ɗalibai, duk wanda ya ce muku tarihi ya ce, ku tambaye shi wane littafi, wace shekara, ta hannun wa ya iso. Ku yi tambayar da ladabi, domin maƙwabci ne, kuma wanda ake magana a kansa Annabi ne daga cikin Ulul Azmi.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.