Jimillar Delta da Ƙararrawar da Ba Ta Kaɗawa

Wani abokin aikinmu ya daɗe yana koyar da cewa shirin kwamfuta mai sa ido kan deltar kundin jari abu biyu kawai yake buƙata: ya tara deltar kowace kwangila, sannan ya aika faɗakarwa idan jimillar ta haye iyaka. Ba zan tsaya kan ma'anar delta ba, tunda an san ta tun bayan aikin Black da Scholes (1973): gwargwadon motsin farashin ofshin idan hannun jarin da ke ƙarƙashinsa ya motsa da dala ɗaya. Saɓaninmu yana kan kalmar "tara". A ganina, kuma ba na jin na tsananta, shirin da aka gina a kan wannan tarawa yakan yi shiru a lokacin da mai jari ya fi buƙatar ya ji shi.

A ɗauki misali daga kasuwar Amurka, inda kwangilar ofshin guda take wakiltar hannun jari 100. Mutum ya sayi kwangila 10 ta haƙƙin saye a kamfanin da hannun jarinsa yake dala 200, deltar kowace 0.60. Daidai yake da riƙe hannun jari 600. Ya kuma sayi kwangila 15 ta haƙƙin sayarwa a wani kamfanin da nasa yake dala 20, delta -0.40, wato -600. Shirin abokin namu zai nuna sifili, ya ce kundin ya daidaita. Amma 600 na farko dala 120,000 ne, na biyu kuwa dala 12,000. Ragowar dala 108,000 tana tsaye ba kariya, kuma idan duka biyun suka faɗi da kashi ɗaya cikin ɗari, asara za ta kai kusan dala 1,080. An haɗa buhu 600 da mudu 600 an ce sun yi daidai. Saboda haka sai an ninka kowace delta da farashin hannun jarinta kafin a tara, a kuma tsayar da iyakar da kuɗi:

```python
jimilla = sum(p.qty * p.mult * p.delta * p.spot for p in kundi)
if abs(jimilla) > IYAKA and not an_aika:
    aika(jimilla)
    an_aika = True
elif abs(jimilla) < 0.9 * IYAKA:
    an_aika = False
```

Adadin `qty` yana ɗaukar alamar ragi idan mutum ne ya sayar da kwangilar, shi kuwa hannun jari tsurarsa deltarsa 1 ce, `mult` ɗinsa ma 1. Layin ƙarshe yana hana saƙo ya riƙa shigowa kowane minti idan jimillar tana kai da komo a bakin iyaka: da iyakar dala 50,000, ba za a sake ɗana ƙararrawar ba sai an sauko ƙasa da 45,000.

Martanin abokin namu yana da nauyi, kuma ya cancanci a saurare shi. Ya ce delta ta kuɗi ma zato take yi cewa kamfanonin biyu za su motsa tare da kashi iri ɗaya, alhali kamfanin mai da na magani ba sa tafiya haka. Idan aka ce a gyara da beta, a auna komai da S&P 500, sai ya ce betar daga tarihin farashi ake fitar da ita, kuma takan canza daidai lokacin da kasuwa ta rikice. Tunda kowace jimilla tana da aibi, in ji shi, gara mai sauƙin.

Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, kuma ya sa dole in rage faɗin da'awata. Delta ta kuɗi tambaya ɗaya take amsawa: nawa za a samu ko a rasa idan komai ya motsa da ƙaramin kashi iri ɗaya. Ba ta ce komai a kan labarin da ya shafi kamfani guda, don haka shirin yana buƙatar iyaka ta biyu a kan kowane kamfani shi kaɗai. Amma rabin ƙarshe bai biyo daga na farkon ba. Jimillar kuɗi tana amsa ƙunƙuntacciyar tambaya, tarawar tsura kuwa tana amsa wadda ba mai yin ta: me zai faru idan hannun jarin dala 200 da na dala 20 kowanne ya motsa da dala ɗaya, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari ga wannan, kashi biyar ga wancan.

Akwai kuma abin da bai taɓo ba. Delta ba ta zama wuri ɗaya, gamma tana tura ta, musamman idan farashi yana dab da wanda aka tsayar a kwangila kuma wa'adi ya kusa cika. A irin wannan rana delta 0.50 tana iya kusantar 1 ko sifili cikin awanni. Shirin da yake aiki da deltar da dillali ya bayar da safe yana auna kundin da ya riga ya canza. Ya kamata ya duba lokacin da ke kan kowane farashi, idan ya tsufa ya aika saƙo na daban cewa bayanai sun tsaya. Ina kira ga masu koyar da wannan darasi su fara jarraba shirin ɗalibansu da kundin da na kawo a sama: wanda ya nuna sifili bai ci jarrabawa ba.