Aiki daga sama, kuɗi daga ƙasa: Yadda ake ɗora wa ƙananan hukumomi nauyi ba tare da guzuri ba

Idan gwamnatin tarayya ko ta jiha ta wajabta wa ƙaramar hukuma wani aiki, amma ba ta haɗa ta da kuɗin yinsa ko wata hanyar samun kuɗin ba, masana harkar mulki suna kiran wannan ɗora nauyi ba tare da kuɗi ba. Wanda ya yanke shawara daban, wanda zai biya daban. Ƙaramar Hukumar Zariya, wadda tsohon birnin Zazzau yake cikinta, misali ce da ke nuna yadda abin yake faruwa.

Ayyukan da doka ta ɗora

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Daga ciki akwai kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu da ban-ɗakunan jama'a, sannan gina hanyoyin unguwa da magudanun ruwa, da kwashe shara. Ya kuma ce za ta sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Sai dai bai fayyace iyakar wannan sa hannu ba, kuma ta wannan ƙofa ce nauyi mafi girma ya shigo.

A cikin ganuwar Zariya waɗannan ayyuka suna da tsada ta musamman. Unguwanni irin su Kwarbai, Ƙaura da Limancin Kona suna da cunkoson gidaje da ƙananan lunguna waɗanda motar shara ba ta iya shiga, sai an fito da sharar a baro zuwa bakin titi. Kwata kuwa idan ba a yashe ta kafin damina ba, ruwa yakan kwanta a gindin katangar ƙasa har ya ci ta. Aiki ne na leburori da ake maimaitawa kowace shekara, a ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 400,000.

Inda kuɗin suke fitowa

A zamanin En'e, masarautar Zazzau tana da baitulmalinta, ana tara haraji da jangali, a riƙe wani kaso don albashi da ayyuka. Gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, sannan a 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Talakawa sun sami sauƙi, amma daga nan hukumomin suka ƙara dogara da kason da ke zuwa daga sama.

A yau ƙananan hukumomi 774 suna raba kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, jihohi suna da kashi 26.72, tarayya kuma kashi 52.68. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma ta tara da kanta ƙanana ne: kuɗin rumfa, na tasha, na mahauta da makamantansu. A Jihar Kaduna ma, dokar haraji ta 2016 ta mayar da tattara su hannun hukumar haraji ta jiha. Ga Zariya akwai ƙarin matsala, domin babbar kasuwar Sabon Gari da harabar jami'a ta Samaru suna ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma ce daban, wato Sabon Gari.

Albashin malamai, nauyi mafi girma

A 1991 gwamnatin soja ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi. Ba a jima ba albashi ya fara maƙalewa, yajin aiki ya yawaita, har aka dawo da hukumar a 1993. Tsarin da ya zauna daga baya shi ne a cire albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi kafin ya iso gare su, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha kuma ta riƙe ragamar makarantun. Malamai sun sami kariya, amma shugaban ƙaramar hukuma ya zama mai biyan albashin da ba shi ne ya ƙayyade ba.

Mafi ƙarancin albashi ya fi nuna wannan a fili. Dokar tarayya ce ta ɗaga shi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, sannan zuwa 70,000 a 2024, ba tare da an sauya kason ƙananan hukumomi ba. A ɗauka, don lissafi kawai, wata ƙaramar hukuma tana da malamai da ma'aikata 2,000, kowa ya sami ƙarin naira 40,000. Wannan naira miliyan 80 ke nan a wata, miliyan 960 a shekara. Idan kasonta bai ƙaru da haka ba, daga kuɗin aiki za a cire, domin albashi ba ya jira, kwata kuwa tana iya jira har sai ta yi ambaliya. Ko a Abuja, malaman firamare sun yi yajin aiki na fiye da wata uku a 2025 saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya sabon albashin ba.

Masarautu ma sun shiga wannan lissafi. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, har da na ƙasar Zazzau. Hujjarta ita ce jiha ce ta yi ta ƙirƙiro gundumomi tun daga 2001, alhali ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar albashin masu riƙe da su. An yi ta muhawara kan matakin, amma hujjar ta tabbatar da cewa matsalar tana nan.

Hukuncin Kotun Ƙoli da iyakarsa

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ke riƙe da shi. Hukuncin ya shafi hanyar da kuɗi ke bi ne, bai ƙara yawansu ba, bai kuma rage ayyukan ba. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta ƙasa ta daɗe tana ƙin a mayar da albashinsu hannun shugabannin ƙananan hukumomi, saboda abin da ya faru bayan 1991. A Amurka an bi wata hanya: dokar 1995 ta sa a ƙiyasta abin da sabon ƙuduri zai ci wa jihohi da ƙananan hukumomi kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a a kansa.

Yadda ake gane shi

Ba kowane aiki da aka bari ba ne ke nufin babu kuɗi. Kason wata-wata ya ƙaru a adadi bayan cire tallafin fetur a 2023, ko da yake tsadar kaya ta ci wani ɓangare, kuma sakaci da almubazzaranci ma suna barin shara a titi. Tambayoyi uku ne ke raba su: wa ya ba da umarnin aikin, wa ya ƙayyade farashinsa, kuma daga kason wa aka cire kuɗin?

Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa kason kowace ƙaramar hukuma. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya ɗaukar adadin Zariya na wata guda, ya nemi kansilan mazaɓarsa ya nuna nawa aka cire na malamai, na ma'aikatan lafiya, na fansho da na masarauta. Idan ragowar ba ta kai ta yashe kwatocin birni ba, nauyin daga sama yake. Idan kuwa ta kai amma ba a yi ba, amsar tana sakatariyar ƙaramar hukuma.