Siffantawa Mai Nisan Zango a Waƙar Soyayya

Siffantawa mai nisan zango wani nau'in adon harshe ne da mawaƙi ke haɗa abubuwa biyu waɗanda a zahiri babu dangantaka tsakaninsu, sannan ya bi su baiti bayan baiti yana kafa hujja har kamannin ya tabbata a hankalin mai karatu. A nazarin waƙar Hausa ta fi kusa da doguwar siffantawa, sai dai ta ɗara ta da abu biyu: nisan abin da aka ɗauko, da kuma dogaro ga hujja maimakon kamannin da ido ke gani.

Salon ya yi tashe a Ingila a farkon ƙarni na 17, kuma sunan da aka fi dangantawa da shi shi ne John Donne, wanda aka haifa a birnin Landan a 1572, ya rasu a 1631. Kafin zamaninsa mawaƙan soyayya na Turai suna bin sawun Petrarch na Italiya (1304 zuwa 1374), suna kamanta idon mace da rana, leɓenta da murjani, har waɗannan kamance suka zama gama-gari. Donne ya juya ga ilimin taurari da taswira da shari'a da lissafi, ya ɗauko kayan aikinsa daga can. Yawancin waƙoƙinsa sun yi ta yawo a rubutun hannu tsakanin abokai, ba a buga su a littafi ɗaya ba sai a 1633, shekara 2 bayan rasuwarsa.

Hanyar bin irin wannan siffantawa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanci balagar Larabci a zaure. Malaman balaga sun ce tashbihi yana da rukuni 4: abin da ake kamantawa, abin da ake kamanta shi da shi, kalmar da ta haɗa su, da fuskar kamanni. Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu wajen 1078, ya bayyana a littafinsa Asrarul Balaga cewa kamannin da sai an yi tunani kafin a gano shi ya fi tasiri a zuciya. Aikin mai nazari duka yana kan rukuni na ƙarshe. Zai ware ɓangarorin biyu, ya lura da sassan abin da aka ɗauko da yadda suke motsi, sannan ya nemi wa kowane motsi takwaransa a ɗaya ɓangaren.

Misalin da ya fi shahara yana cikin waƙar bankwana ta Donne mai baiti 9, kowane baiti da ɗango 4. Izaak Walton, wanda ya rubuta tarihin rayuwar mawaƙin, ya ce ya yi ta ne ga matarsa Anne a 1611, lokacin da zai yi tafiya zuwa Faransa. Jigonta shi ne hana kuka a wurin rabuwa. A baitoci 3 na ƙarshe aka kamanta rayukan ma'auratan da kamfas, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ɗalibai ke zana da'ira da shi.

Babu wani kamanni na sura tsakanin ma'aurata da wannan ƙarfe, saboda haka fuskar kamannin tana cikin aikinsa ne. Ƙafafun biyu ne, amma a haɗe suke ta sama, kamar yadda mutum biyu ke zama abu ɗaya ta hanyar aure. Ƙafar da aka kafa a tsakiya ita ce matar da ta zauna gida, wadda ke zagayawa kuma mijin da ya yi tafiya. Idan aka buɗa kamfas, ƙafar tsakiya ba ta barin gurbinta, amma dole ta karkata zuwa ga 'yar'uwarta, kuma gwargwadon nisan waccan gwargwadon karkatar wannan. Wannan shi ne begen mai jira, wanda ke ƙaruwa da nisan tafiya. Idan aka tsuke shi, sai ta miƙe tsaye. Mataki na ƙarshe shi ne mafi nauyi: da'ira ba ta fita daidai sai ƙafar tsakiya ta tsaya cik, domin da ta gusa ko kaɗan, layin ba zai koma inda ya faro ba. Ta haka aka mai da zaman matar ya zama sharaɗin dawowar mijin, aka kuma ba wadda ba ta motsa ba rabin aikin tafiyar.

Ana gane dacewar zaɓin idan aka gwada wani abu a madadinsa. Akuyar da aka ɗaure a turke ita ma tana zagaya da'ira, tana kuma komawa inda ta faro, amma turke ba ya karkata ya bi ta, kuma igiya ce ta tilasta mata. Wannan hoton ya ba da tsayuwa da zagaye, ya rasa bege da yarda. Siffantawar da ta yi ƙarfi ita ce wadda kowane motsi nata ya sami ma'ana ba tare da an tanƙwara shi ba.

Duk da haka masana sun lura da wani ƙulli a cikin waƙar. Dawowar mijin ta zo da siga biyu: tsuke ƙafafu, wanda ke mai da ƙafar waje zuwa tsakiya, da kammala da'ira, wanda ke mai da ita wurin da ta fara a gefe. Kamfas ba ya yin waɗannan biyu a lokaci ɗaya muddin da'ira ake zanawa. John Freccero, a wata maƙala ta 1963, ya warware matsalar da cewa haɗuwar motsin biyu tana haifar da layi mai murɗawa yana shiga ciki. Wasu kuwa suna ɗaukar su hotuna biyu a jere.

Ba kowace siffantawa ta wannan nau'i ake nufin a gaskata ba. A waƙar Donne ta ƙuma, mai baiti 3, mai magana yana ce wa matar da yake nema, tunda ƙwaron ya ciji su biyu, jininsu ya riga ya gauraya, don haka kashe shi kisan rai uku ne. Matar ta murƙushe shi, ta ce babu wanda ya raunana. Sai ya juya hujjar, ya ce haka ma tsoronta ba shi da tushe. A nan an gina hujjar a kan ruɗu da gangan, kuma ana son mai karatu ya gano inda ta karye, wato daidaita cizon ƙwaro da al'amarin mutunci.

Salon bai tsaya ga Donne ba. George Herbert (1593 zuwa 1633) ya yi amfani da shi a waƙoƙin addini, Andrew Marvell (1621 zuwa 1678) da Abraham Cowley (1618 zuwa 1667) kuma a na soyayya. A zamani guda an sami makamancinsa a Italiya wurin Giambattista Marino, da Sifaniya wurin Francisco de Quevedo.

Martabarsa ta yi hawa da sauka. John Dryden ya zargi Donne a 1693 da rikita mata da falsafa a inda ya kamata ya taɓa zukatansu. Samuel Johnson, a tarihin Cowley da ya wallafa a 1779, ya ce waɗannan mawaƙa suna haɗa ra'ayoyi masu nisa da juna bisa tilas, ko da yake ya yarda cewa aikinsu yana buƙatar karatu da tunani. Darajarsu ta farfaɗo a 1921, lokacin da Herbert Grierson ya fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙinsu, T. S. Eliot kuma ya rubuta sharhin da ya yaba yadda suke haɗa tunani da motsin rai. Waƙar kamfas tana cikin misalan da aka fi koyarwa a wannan babi.