Yadda Ake Gane Sautin da Aka Ɗora wa Bidiyo da Raba Shi da Magana

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri irin su Gwange da yankin Kasuwar Monday, bidiyoyi sun yi ta yawo a wayoyin jama'a, wasunsu ɗauke da kiɗan alhini da aka ɗora musu daga baya. Kafin a kafa hujja da irin wannan bidiyo, wajibi ne a bambance sautin da wayar ta ɗauka a wurin da wanda aka ƙara, domin ƙarin kan binne maganar shaida, wani lokaci ma ya sauya ma'anar abin da ya faru.

Alamar farko kunne ne ke kama ta. Sautin asali yana bin hoto: idan mai ɗauka ya juya ko ya matsa, ƙarar ruwa da hayaniyar mutane kan sauya. Kiɗan da aka ɗora kuwa yana tafiya da ƙarfi ɗaya, ko da hoton ya tsallaka daga titi zuwa cikin gida. Alama ta biyu tazara ce. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, saboda haka abin da ya fashe a nisan kilomita ɗaya, sai bayan kusan daƙiƙa uku da ganin haskensa za a ji ƙararsa. Idan haske da ƙara suka zo tare alhali abin yana nesa, akwai alamar an ɗora ƙarar ne.

A ɗauki misalin bidiyo mai tsawon daƙiƙa 40, inda wani dattijo ke bayani da Kanuri a bakin ruwa, ga kiɗa da kukan jariri a bayansa. Da farko a adana kwafin asali ba tare da an taɓa shi ba, sannan a ciro sautin:

```
ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vn sauti.wav
```

Daga nan a buɗe shi a manhajar Audacity, a zaɓi `Spectrogram`, wato hoton da ke nuna kauri da sirantar sauti a tsawon lokaci. Kiɗa kan fito da layuka miƙaƙƙu a kwance, magana kuma da layuka masu lanƙwasa da ke yankewa duk inda mai magana ya numfasa. Idan kukan jaririn ya bayyana sau uku da siffa ɗaya sak, kwafinsa aka yi, domin babu jaririn da zai maimaita kuka daidai wa daida. Ita kuwa waƙar, manhajar Shazam na iya faɗin sunanta, amma sai in tana cikin rumbunta, abin da ba kasafai ake samu ba ga waƙoƙin mawaƙan gida.

Wajen rabawa, ana amfani da Demucs, manhajar da masu bincike na kamfanin Facebook suka fitar a 2019:

```
demucs --two-stems=vocals sauti.wav
```

Wannan zai ba da fayil biyu: `vocals.wav` mai ɗauke da murya, da `no_vocals.wav` mai ɗauke da sauran sautuka. Ya kamata a saurari na biyun ma, domin a tabbatar babu wani ɓangare na maganar dattijon da ya faɗa cikinsa.

Aikin yana da iyaka. Manhajar ta san murya ne kawai, ba ta bambance mai magana da mai rera waƙa. Shi ya sa bidiyoyin Boko Haram, waɗanda sukan zo da waƙoƙin baka marasa kayan kiɗa, suke da wuyar tacewa: waƙar da jawabin duk fayil ɗaya suke faɗawa. Haka kuma algaita, wadda sautinta ke kusa da muryar mutum, tana iya ɓuya cikin fayil ɗin magana. Bidiyon da aka yi ta turawa ta WhatsApp kuma ya riga ya rasa wani ɓangare na ingancin sautinsa, babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake.

Ana gane tacewa ta wuce gona da iri idan muryar ta koma kamar daga cikin randa take fitowa, ko ƙarshen kalmomi ya guntule. Wannan babban haɗari ne ga Hausa da Kanuri, inda hawa da saukar murya ke iya sauya ma'anar kalma. Saboda haka ƙa'ida ita ce mai jin harshen ya saurari sautin da aka tace tare da na asali kafin a rubuta maganar, duk kalmar da ba ta fito sarai ba a nuna cewa ba a ji ta ba, kuma idan za a wallafa sautin a sanar da jama'a cewa an tace shi.