Tarihin Filogi da Soket, da Gane Adaftar Tafiya Daga Hoto

Filogi shi ne kan wayar na'ura mai ƙafafun ƙarfe, soket kuma shi ne ramukan bango da ake zura ƙafafun a ciki don ɗaukar wutar lantarki. Adaftar tafiya ƙaramar mahaɗa ce da ke shiga tsakaninsu idan siffar filogin ba ta dace da ramukan ba. A yau ana amfani da nau'o'in soket fiye da goma a duniya, an kuma saba kiransu da haruffa daga A zuwa N. Kowane nau'i ya samo asali ne daga wata matsala da wata ƙasa ta warware a wani zamani. Saboda haka wanda ya san tarihinsu zai iya duban hoton bangon masauki tun bai bar gida ba, ya gane adaftar da zai saya. Sai dai hoto siffa yake nunawa, ba ya faɗin ƙarfin wutar da ke bayan bangon.

Asali

Lokacin da wutar lantarki ta fara shiga gidaje a shekarun 1880, don fitila kawai aka ja ta. Wanda ya sayi dutsen guga ko fanka sai ya kwance ƙwan fitila ya murɗa kan wayarsa a gurbin. A Amurka, Harvey Hubbell na garin Bridgeport ya yi rajistar filogin da ake zarewa a mayar a shekarar 1904, daga baya kuma ya fito da mai falalen ƙafafu biyu a jere. Wannan shi ne kakan nau'in A. Da aka ƙara masa ƙafa ta uku ta wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta idan ta ɓalle zuwa jikin na'ura, sai ya zama nau'in B.

Turai ta bi ƙafafu masu zagaye. A Jamus, cikin shekarun 1920, aka ƙirƙiro tsarin Schuko, wato nau'in F. Soket ɗinsa rami ne mai zurfi, don kada yatsa ya taɓa ƙafa tana ɗauke da wuta, kuma wayar ƙasa tana haɗuwa ne ta wasu 'yan ƙarafa biyu a sama da ƙasan bakin ramin. Faransa ta ɗauki irin wannan ramin, amma ta sa ƙafar wayar ƙasa ta fito daga soket ɗin kansa, ta shige jikin filogi. Shi ne nau'in E, wanda ya bi mulkin Faransa zuwa ƙasashe irin su Nijar da Kamaru da Chadi. A 1963 aka fito da siririn filogi mai ƙafa biyu, nau'in C, wanda ke shiga E da F da wasu da dama, amma ba a yarda ya ɗauki fiye da amfiya 2.5 ba.

Tsare-tsaren Birtaniya guda biyu

Birtaniya ta bar wa duniya tsari biyu. Na farko shi ne BS 546 na 1934, mai ƙafafu uku masu zagaye, wanda ya zo da girma daban-daban gwargwadon nauyin na'ura. Mai amfiya 5 shi ake kira D, mai amfiya 15 kuma M. Wannan tsohon tsarin ya kafu a Indiya da Afirka ta Kudu, kuma har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin gine-gine a Najeriya da Gana da Sudan, da kuma wajen haɗa na'urar sanyaya ɗaki.

Na biyu ya fito ne daga shirin sake gina gidaje bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wani kwamiti, wanda injiniya Caroline Haslett ce mace tilo a cikinsa, ya ba da rahoto a 1944 cewa a riƙa jan waya ɗaya ta kewaye gida ta ciyar da soket da yawa, don a rage cin tagulla. Tun da wayar bangon tana ɗauke da wuta mai yawa, dole kowace na'ura ta sami kariyarta, shi ya sa aka sa fis a cikin filogin. Ƙafafun suka zama masu kusurwa huɗu, aka kuma sa wa ramuka biyu na ƙasa ƙyaure, wanda doguwar ƙafar sama ce ke buɗe shi, don kare yara. An tabbatar da tsarin a 1947 da sunan BS 1363, mai amfiya 13. Shi ne nau'in G da aka fi sani a Najeriya da Gana, shi ne kuma Saudiyya ta tsayar a matsayin tsarinta, abin da ke sauƙaƙa wa alhazan waɗannan ƙasashe.

Yunƙurin haɗa kai

Ostareliya ta tsayar da nata tsarin a 1937: falalen ƙafafu biyu a karkace da ta uku a tsaye, wato nau'in I. China da Ajantina suna amfani da makamancinsa. A 1986 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fitar da tsarin IEC 60906-1 da fatan kowa ya koma kansa. Amma sauya soket ɗin kowane gida da kan wayar kowace na'ura kuɗi ne mai yawa, don haka ƙasashe suka tsaya a kan abin da suka gada. Brazil da Afirka ta Kudu ne suka gina sabon tsarinsu a kansa, shi ne nau'in N. Rashin nasarar wannan yunƙuri shi ya bar wa adafta kasuwa.

Yadda ake karanta hoto

Hoton da zai yi amfani shi ne wanda aka ɗauka kai tsaye daga gaba, da haske, babu komai a zure, kuma an ɗora wani abu da aka san girmansa a gefe, kamar katin banki. Daga nan tambayoyi uku ne, bi da bi.

Ta farko ita ce siffar ramukan. Tsaga siririya a tsaye tana nufin gidan Amurka, A ko B. Tsaga a karkace tana nufin I. Ramuka uku masu kusurwa huɗu, na sama a tsaye, na ƙasa a kwance, G ne, sau da yawa da makunni a gefe. Ramuka masu zagaye kuwa suna buƙatar tambaya ta biyu.

Ta biyu ita ce inda wayar ƙasa take, domin a nan dangin masu zagaye suka rabu. Idan ƙarfe ya tsiro daga cikin soket ɗin, E ne. Idan ana hango 'yan ƙarafa biyu a bakin ramin, sama da ƙasa, F ne. Idan ramuka uku suna kan layi ɗaya, L ne na Italiya. Idan sun yi kusurwa uku kuma na sama ya fi faɗi sosai, D ne ko M.

Ta uku ita ce girma, kuma a nan hoto ya fi yaudara. D da M siffarsu ɗaya. Bambancin shi ne tazarar ramukan ƙasa: kimanin milimita 19 a D, kimanin 25 a M, kuma ƙafafun M sun fi kauri. Ba tare da ma'auni a gefe ba, ido ba ya rabewa. Haka N na Brazil da J na Suwizalan: dukkansu ramuka uku ne a cikin gurbi mai kusurwa shida, amma ramin tsakiya ya kauce daga layi da milimita 3 a N, da milimita 5 a J. Filogi mai ƙafa uku na ɗayan ba ya shiga ɗayan. A irin wannan hali sunan ƙasar ne ke yanke hukunci.

Misali: soket mai rami biyar

A ɗauka ɗan kasuwa daga Kano zai je Guangzhou sayen kaya, wakilinsa ya aiko masa da hoton bangon ɗakin da zai sauka. A hoton akwai fili mai murabba'i da ramuka biyar: biyu a sama, uku a ƙasa. Wannan ba nau'i ɗaya ba ne, soket biyu ne a fuska ɗaya, kuma haka aka saba gani a China. Na sama tsaga biyu ne a tsaye, sau da yawa da ɗan kumburi a gefe, don ya karɓi falalen ƙafafu na A ko siraran ƙafafu masu zagaye na C. Ba shi da wayar ƙasa. Na ƙasa tsaga ɗaya ce a tsaye daga sama da biyu a karkace, wato I.

Yanzu sai ya dubi abin da zai ɗauka. Cajar wayarsa mai ƙafa biyu masu zagaye za ta shiga na sama, muddin ramukan na da wannan kumburi. Cajar kwamfutarsa kuwa G ce mai ƙafa uku, ba inda za ta shiga. Adaftar da yake bukata ita ce wadda fuskarta ke karɓar G, bayanta kuma ƙafafu uku ne na I. Idan ya sayi mai ƙafa biyu, na'urar za ta kama, amma wayar ƙasa ta yanke a cikin adaftar. Ana gane hakan idan ƙafa ta uku ta roba ce, ko kuma ramin sama babu ƙarfe a cikinsa.

Saura nauyi. Soket ɗin gama-gari na China amfiya 10 yake ɗauka a kan bolt 220, wato wat 2,200. Butar lantarki mai wat 3,000 tana jan kimanin amfiya 13, kuma fis ɗin filoginta ba zai tsinke da wuri ba, tun da don irin wannan nauyi aka yi shi. Adaftar ce za ta ɗauki zafin. Alamomin su ne ƙaurin roba, baƙin tabo a bakin rami, da filogin da ke kwance-kwance.

Abin da hoto ba ya nunawa

Adafta ba ta sauya ƙarfin wuta. Amurka tana kan bolt 120, Japan tana kan 100, Najeriya da galibin Turai suna kan 230. Siffar rami ba ta tabbatar da ko ɗaya daga ciki: tsaga biyun da ke ba da 120 a New York su ne ke ba da 220 a Guangzhou da Manila. A Brazil soket iri ɗaya yana iya zama 127 a wani gari, 220 a wani. Saudiyya ma ta daɗe da gine-gine masu 127 kafin ta yanke shawarar komawa 230 a 2010.

Saboda haka hoto na biyu da ake bukata shi ne na rubutun jikin na'urar. Cajar da aka rubuta wa `INPUT: 100-240V ~ 50/60Hz` tana aiki a ko'ina da adafta kawai. Wadda aka rubuta wa `120V` kaɗai za ta ƙone a kan 220, tana bukatar taransifoma. Wadda aka rubuta wa `220-240V` ba za ta ƙone a kan 120 ba, amma dutsen guga ko buta zai ba da kusan rubu'in zafinsa ne kawai.

Akwai kuma soket ɗin otal mai faffaɗan ramuka da ke karɓar kusan kowane filogi. Ganinsa a hoto na nufin ba a bukatar adafta a wannan bangon, amma riƙonsa sako-sako ne, kuma ba kowane filogi ne wayar ƙasarsa ke haɗuwa a ciki ba. Matafiyi kan riƙe adaftar ainihin nau'in ƙasar duk da haka, domin tashar jirgi da shago da gidan mai masauki suna kan tsarin ƙasar ne.