Sabo da jin daɗi: Me ya sa murnar sabuwar mota da ƙarin girma ba ta daɗewa?

Masana halayyar ɗan Adam suna da suna ga wani abu da kusan kowa ya taɓa ji a ransa: mutum ya yi shekaru yana burin mota, ko gida, ko ƙarin girma a wurin aiki, ya samu, ya yi murna, amma kafin shekara ta zagayo sai ya tarar zuciyarsa ta koma kusan inda take tun farko. Wannan shi ne sabo da jin daɗi. Masana biyu, Philip Brickman da Donald Campbell, su ne suka fito da batun fili a wani rubutu na 1971, inda aka kwatanta lamarin da injin nan na motsa jiki da mutum ke ta gudu a kansa amma bai gusa daga wuri ɗaya ba.

Tushen abin shi ne, ƙwaƙwalwa ta fi lura da canji fiye da abin da ya zauna daram. Wanda ya shiga shagon turare zai ji ƙamshi ya buge shi, mai shagon kuwa da ya wuni a ciki ba ya jin komai, alhali turaren bai ragu ba. Haka sabuwar mota take. A makon farko mai ita yana kwatanta ta da tsayuwa bakin titi jiran abin hawa, saboda haka kowace fita biki ce. Bayan wata shida ya daina wannan kwatance, domin motar ta zama yau da kullum, abin da ya rage yana jan hankalinsa shi ne abin da ke canzawa: kuɗin mai, cunkoso, da ƙarar da ta fara fita daga inji.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko ɓoyuwa, wato ɗagawar ma'auni. Samun abu yakan sauya wa mutum abokan kwatance. Ɗan kasuwar da ya tashi daga tebur ya kama shago, a da yana auna kansa da masu tebur ne, yanzu kuwa maƙwabtansa masu shago biyu ne da sito. Masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Holan, Bernard van Praag, ya riƙa tambayar mutane adadin kuɗin da suke ganin zai wadace su, sai ya tarar amsar tana hawa ne tare da abin da mutum ke samu. Ƙarin kuɗin da kansa ne ke matsar da iyakar abin da ake kira “isasshe”.

Binciken da ya fi shahara a wannan fanni shi ne wanda Brickman da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 1978. Sun tattauna da mutum 22 da suka ci manyan kuɗaɗe a cacar tikiti ta jihar Illinois a Amurka, da wasu 22 da ba su ci komai ba, da kuma mutum 29 da hatsari ya shanye wa jiki. A ma'aunin da ya tsaya a 5, waɗanda suka ci kuɗin sun ba farin cikinsu maki 4, sauran kuwa kusan 3.8, tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, masu kuɗin sun fi ƙarancin jin daɗin ƙananan abubuwa, irin su karin kumallo da hira da aboki. Sai dai ana yawan zuzuta wannan bincike fiye da ƙarfinsa. Mutanen kaɗan ne, kuma waɗanda suka yi hatsarin sun kasance ƙasa da sauran a fili, da maki kusan 3. Wani bincike mafi girma da aka wallafa a 2020 kan waɗanda suka ci irin wannan caca a Suwidin ya nuna cewa gamsuwarsu da rayuwa ta ƙaru kuma ta ɗore fiye da shekara goma, ko da yake yanayin zuciyarsu na yau da kullum bai canza sosai ba.

Batun ƙarin girma ya fi dacewa a duba shi ta aikin David Johnston da Wang-Sheng Lee, waɗanda suka bi bayanan ma'aikata a Ostireliya shekara bayan shekara, kafin ƙarin girma da bayansa, suka wallafa sakamakon a 2013. Da farko komai ya yi kyau: ma'aikacin yana ganin aikinsa ya ƙara tabbata, yana ganin ana biyansa daidai, gamsuwarsa da aikin ta hau. Amma waɗannan na ɗan lokaci ne. Abubuwan da suka ɗore su ne ƙarin albashin, da ƙarin iko, da tsawon lokacin aiki, da matsin lamba. A kan farin cikin rayuwa gaba ɗaya kuwa, tasirin bai kai a ambata ba, har ma alƙaluman sun nuna alamar raguwar kwanciyar hankali shekara biyu bayan ƙarin girman.

Dalilin wannan bambanci a bayyane yake idan aka duba yadda kowane ɓangare ke zuwa. Takardar ƙarin girma sau ɗaya ake karɓarta, sabon albashi kuma adadi ɗaya ne da ke shigowa kowane ƙarshen wata, don haka sabo da su ba wuya. Nauyin muƙami kuwa kullum da sabuwar fuska yake zuwa: yau taron gaggawa, gobe rikicin na ƙasa, jibi ɗan'uwan da ya ji labari ya zo da buƙata. Abin da ke sauya kama ba ya bari a saba da shi. Shi ya sa ribar ke dusashewa, wahalar kuma ta zauna.

Sabon ba ya cin komai daidai wa daida. Bayanan da ake tarawa daga iyalai a Jamus tun 1984 sun nuna cewa murnar aure kan koma kusa da matakinta na farko cikin kimanin shekara biyu, a matsakaici, da bambanci mai yawa tsakanin mutane. Rasa aiki kuwa yakan bar tabo, domin da dama ba sa komawa matakinsu na da ko bayan sun sami wani aikin. Haka nan kuɗin da ke raba mutum da yunwa, ko bashi, ko fargabar kuɗin haya, amfaninsa ba ya gushewa kamar na kayan ƙawa, tunda damuwar da yake kawarwa mai dawowa ce kowace safiya.

A nan ne ya kamata mai karatu a Nijeriya ya yi hattara, don kada a ɗora wa zuciya laifin kasuwa. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ma'aikacin da bai ji daɗin wannan ƙari ba, ba lalle ne sabo ya kama shi ba. Hanyar rarrabewa ita ce a duba abin da kuɗin ke saya. Idan albashin bara yana kawo buhun shinkafa da kuɗin makaranta har da saura, na bana kuma bai kai ba, to tsada ce. Idan kuwa motar tana tashi lafiya, gidan bai ragu da ɗaki ko ɗaya ba, albashin yana sayen fiye da abin da yake saya a da, amma mai su ya daina ganinsu sai na maƙwabci, wannan shi ne sabon da Brickman da Campbell suka bayyana.